Saƙon godiya bayan intabiyu: me zan ɗauko daga takardar neman aikina?

Anti, barka da aiki. Jiya Laraba na yi intabiyu a wani kamfanin rarraba magunguna a nan Kano, aikin kula da sito. Mutum uku ne suka yi mini tambayoyi. Abin da ke damuna shi ne abubuwan da na fi tinƙaho da su a takardar neman aikina ba su samu fitowa yadda nake so ba. Akwai kuma tambaya ɗaya da na san na kwafsa: manajan sito ya ce idan na ƙirga kaya suka saɓa da abin da ke cikin littafi me zan yi, sai na ce zan gyara littafin. Ƙawata ta ce in tura musu saƙon godiya, yayana kuma ya ce za su ɗauka kamun ƙafa nake yi. Na haɗo miki da kwafin takardar da na nemi aikin da ita, da saƙon da na fara rubutawa, da tambayoyin da na iya tunawa. In tura ko in bari? In zan tura, me zan ce?

Ƙanwarki, daga Kano

Ƙanwata, ki tura, kuma yau ɗin nan, kafin a tashi daga aiki. Amma ba wannan da kika rubuta ba. Na ajiye sauran wasiƙu na fara da taki saboda taki ba ta jira, gobe Juma'a, kin kuwa san yadda ofis yake ranar Juma'a: daga ƙarfe goma sha biyu hankalin kowa ya koma masallaci, abin da bai samu shiga da safe ba sai Litinin.

Bari in fara da yayanki, don maganarsa ba ta banza ba ce. Akwai wuraren da saƙo irin wannan ba shi da gurbi. Idan aikin gwamnati ne da hukumar ɗaukar ma'aikata take tantancewa, ko kuwa tallar aikin ta faɗa ƙarara cewa duk wanda ya nemi kamun ƙafa za a cire sunansa, kamar yadda ƙungiyoyin agaji da yawa suke rubutawa a ƙasan tallarsu, to neman lambar ɗan kwamiti a tura masa saƙo ta bayan fage kuskure ne babba. Ko a can ɗin ma, layi biyu na godiya ta adireshin ofis da aka gayyace ka da shi ba laifi ba ne, sai dai kada a sa masa rai. Naki kamfani ne mai zaman kansa, kuma na duba tallar da kika liƙa a saman takardarki, ban ga irin wannan gargaɗi ba. Bambancin kamun ƙafa da godiya a wurina a bayyane yake. Mai kamun ƙafa yana neman a ba shi saboda wanda ya sani ko saboda halin da yake ciki. Mai godiya yana bi ta ƙofar da aka shigo da shi, ya yi maganar aiki, ya tsaya. Mu da muke bin mutane da bangajiya washegarin biki ko suna, ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mutum uku sun bar aikinsu sun zauna da ke kusan minti arba'in, bangajiya ta dace.

Sai dai kada in yaudare ki game da ƙarfin saƙon. Na daɗe ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, kuma yawanci kowane ɗan kwamiti yana da takardar maki a gabansa, yana cikewa kina magana, ko da zarar kin fita. Wannan makin an riga an rubuta shi, saƙonki ba zai goge shi ba. Inda saƙon yake aiki shi ne tsakanin ranar intabiyu da ranar da za a zauna a yanke hukunci, musamman idan mutum biyu ko uku sun zo kusa da juna a maki. A irin wannan zaman ba a cika komawa ga takardun neman aiki ba. Kowa abin da ya tuna yake faɗa. Wani ya ce, wace ce ma mai koren mayafin nan? Wani ya ce, ai ita ce ta ce za ta gyara littafi. To kin ga abin da ya kamata ki hana: kada a tuna ki da wannan jimla guda. Kina so idan an ambace ki, abin da zai faɗo wa manajan sito ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da suka sa tun farko ya ware takardarki daga cikin tarin da ke gabansa.

Yanzu ga saƙon da kika fara rubutawa. Na ƙirga, kalma ta haura ɗari huɗu. Sakin layi na farko godiya ce da addu'a, har layi shida. Na biyu kin kwafo shi sak daga takardar neman aikinki, ko waƙafi ba ki canja ba. Na uku kuma shi ne wanda ya sa na ce subhanallahi: kin ba su labarin rasuwar mahaifinku, Allah ya ji ƙansa, da ƙannenki uku da ke makaranta, kika rufe da cewa su taimaka miki don Allah. Na san gaskiya kika faɗa, kuma na san nauyin da ke kanki. Amma ki sa kanki a kujerar manajan. Mutumin nan yana neman wanda zai damƙa wa mukullin sito mai kaya na miliyoyin naira. Idan abu na ƙarshe da ya karanta daga gare ki shi ne kina cikin matsin kuɗi, ba tausayi kaɗai zai ji ba, har da ɗar-ɗar. Ba adalci ba ne, amma haka zuciyar mai dukiya take. Ki cire wannan sakin layin gaba ɗaya.

Kwafen da kika yi ma ba zai yi ba, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Lokacin da kika rubuta takardar neman aiki, ba ki san mutanen nan ba. Talla kika karanta, kika yi hasashen abin da suke so, kika jera abin da kike da shi. Yanzu kuwa kin shiga ɗakin, kin ji da kunnenki abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Saboda haka hujjar da kika kawo a wancan karon a matsayin ga abin da na iya, yanzu za ki sake kawo ta a matsayin ga amsar matsalar da kuka faɗa mini jiya. Hujjar ba ta canja ba, adadin bai canja ba, amma ta samu mazauni. Wanda ya karanta zai gane abu biyu lokaci guda: kin saurare su, kuma abin da kika rubuta a takarda yana da alaƙa da sitonsu, ba siton kowa da kowa ba.

Takardarki ta tsaya ne a kan ƙafa uku, kuma ta yi kyau, shi ya sa aka kira ki. Na farko, kin yi shekara 3 a siton wani asibiti mai zaman kansa, inda kika sake jera kantar magunguna yadda maganin da wa'adinsa ya fi kusa shi ke fara fita, har abin da ake zubarwa saboda ƙarewar wa'adi ya sauko daga kwali 14 a shekara zuwa kwali 3. Na biyu, ke ce kike ƙirgar ƙarshen wata ta kaya iri 420, kina daidaita ta da katin kaya a Excel. Na uku, lokacin bautar ƙasa kin kula da firijin alluran rigakafi a wani ƙaramin asibiti, kina rubuta ma'aunin sanyi safe da yamma don ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8.

Ki ɗauko takardar, ki ajiye ta gefen tambayoyin da kika tuna, ki ja layi daga kowace hujja zuwa abin da aka faɗa a ɗakin. Na yi miki wannan a nan, ga abin da na gani. Manajan sito ya tambaye ki maganar wa'adi sau biyu, ta fuska daban-daban, har ya ce kayan da ba sa tafiya da sauri su ne ke mutuwa a bayan kanta ba a lura ba. Duk abin da mai tambaya ya koma masa sau biyu, ko ya saki bakinsa ya ba da misali daga wurin aikinsa, to nan ne ciwon yake. Hujjarki ta farko ta faɗa daidai kan wannan, ita ce za ta shiga gaba. Maganar firiji kuwa, kin rubuta cewa da kika taɓo ta sai ya ce suna da mai haɗa magunguna da ke kula da ɗakin sanyi, ya wuce zuwa wata tambayar. Wannan amsa ce, ko da bai ce miki a'a ba. Na san ita ce kika fi alfahari da ita, na ga yadda kika ba ta layi biyar a takardar, amma ki bar ta. Idan kika sake kawo ta, abin da za su fahimta shi ne ba ki ji abin da aka gaya miki ba. Tana nan a takardar farko, ba ta ɓata ba.

Sai hujja ta biyu, wadda ba wanda ya tambaye ki a kanta kai tsaye. Abin mamaki, ita ce maganin kwafsawar da kika yi. Bari in gaya miki dalilin da ya sa amsar nan ta yi nauyi a kunnensu, don ki san me kike gyarawa. A aikin sito, littafi shi ne shaida. Idan kanta ta nuna kwali 47 littafi ya ce 50, ukun nan suna wani wuri: ko an fitar ba a rubuta ba, ko an rubuta shigowa sau biyu, ko mai kawo kaya ya kawo da giɓi aka sa hannu ba a ƙirga ba, ko kuma wani ya yi awon gaba da su. Wanda ya goge 50 ya rubuta 47 ya share sawun da za a bi a gano wanne ne daga ciki. Shi ya sa akanta da odita suke jin kalmar gyara littafi kamar an ce a rufe ɓarna. Ke kuwa, daga yadda kika bayyana aikinki a takardar, na tabbata ba haka kike yi ba. Duk wanda ya shekara uku yana daidaita ƙirga ya san sai an sake ƙirgawa da mutum na biyu, a bi takardun fitar da kaya da na karɓa na watan, a kai rahoto, kuma ba a taɓa adadi sai mai iko ya sa hannu. Tsoro ne ya sa kika taƙaita duk wannan a kalma biyu marasa kyau.

To a saƙon za ki gyara, amma da sharaɗi. Jimla biyu ko uku, ba ƙari. Kada ki ce kin rikice, kada ki ce ba ki yi barci ba, kada ki nemi afuwa sau uku. Ki ce amsar da kika bayar ta gaza, ga yadda kike yi a aikace, sannan ki ɗaura ta da hujjar Excel ɗin. Kuma kuskure ɗaya kaɗai ake gyarawa a irin wannan saƙo. Na taɓa karɓar na wani saurayi da ya bi tambayoyinmu ɗaya bayan ɗaya yana sake amsa su, har guda shida. Biyu daga ciki mu a wurinmu ya amsa su daidai tun farko, shi ne ya nuna mana cewa bai yarda da kansa ba. Abin da ya cancanci gyara shi ne amsar da ta taɓa amana ko ta saɓa wa ƙa'idar aikin. In-ina, ko manta wata kalma, ko zufa a goshi, waɗannan kwamiti ya saba gani, ya manta da su kafin mai bi miki ya zauna.

Na san da Turanci za ki rubuta, tunda da shi aka yi intabiyun. Zan ba ki da Hausa don ki ga ƙashin bayan abin, ke ki juya shi da bakinki, da irin Turancin da suka ji kina yi jiya. Wannan ma abin lura ne: idan saƙon ya zo da manyan kalmomin da ba su yi kama da mai koren mayafin da suka gani ba, za su ce wani ya rubuta mata.

"Barka da yamma. Na gode da lokacin da ku da abokan aikinku kuka ba ni jiya Laraba a kan aikin kula da sito.

Maganar da manajan sito ya yi kan kayan da ba sa tafiya da sauri, waɗanda wa'adinsu ke ƙarewa a bayan kanta, ta tsaya mini a rai, domin ita ce matsalar da na tarar a wurin aikina na yanzu. Kamar yadda na ambata a takardata, sake jera kanta bisa wa'adi ya rage abin da muke zubarwa daga kwali 14 zuwa 3 a shekara. Zan so in yi irin wannan a sitonku.

Game da tambayar saɓanin ƙirga da littafi, amsar da na bayar ta gaza. Abin da nake yi shi ne in sake ƙirgawa tare da wani, in bi takardun shiga da fita, in kai rahoto a rubuce, kuma ba na canja adadi sai da sa hannun shugabana. Haka nake daidaita kaya iri 420 kowane ƙarshen wata a Excel.

Bayan abin da na ji jiya, sha'awata ga aikin ta ƙaru. Idan akwai wata takarda da kuke buƙata, a shirye nake in turo. Na gode."

Sai cikakken sunanki da lambar wayarki a ƙasa. Duka bai kai kalma ɗari biyu ba, kuma kada ki bari naki ya haura haka. A waya za a karanta shi, wataƙila a tsaye, tsakanin wani aiki da wani. Idan sai an ja allo sau uku kafin a kai ƙarshe, sakin layi na uku, wanda shi ne ya fi miki muhimmanci, ba za a kai gare shi ba.

Ki lura da yadda sakin layi na biyu ya fara. Bai fara da ke ba, ya fara da maganarsu. Wannan ya warware miki wata damuwa da na hango a rubutunki, wato kunyar yabon kai. An tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, shi ya sa ɗiyan Hausawa da yawa idan sun zo faɗin abin da suka iya sai su lulluɓe shi da in Allah ya yarda zan yi iya ƙoƙarina, har a rasa me suka iya ɗin. A nan ba ki ce ke ƙwararriya ba ce, ba ki ce ke mai gaskiya da riƙon amana ba ce. Kin faɗi abin da ya faru ne da adadinsa, 14 ya koma 3, kika bar mai karatu ya yanke hukunci. Kalmomi irin su mai himma, mai haƙuri, mai aiki tuƙuru, na ga kin zuba su a daftarinki, ki kwashe su duka. Duk wanda ya zauna a kujerar nan jiya ya faɗe su.

Ki kuma lura da ɗan guntun nan, kamar yadda na ambata a takardata. Amfaninsa shi ne ya mayar da mai karatu ga takardar farko, ya nuna maganarki ɗaya ce tun daga farko. Amma yana da haɗari idan ba ki kiyaye ba, domin wani zai koma ya duba. Duk adadin da za ki sa, ki kwafo shi daga takardar, kada ki rubuta daga ka. A daftarinki kin rubuta kusan shekara huɗu, alhali takardar ta ce shekara 3. Na gane, wata takwas sun ƙaru a kai, ba ƙarya kika yi ba. Amma mun taɓa ajiye wata mai neman aiki a gefe saboda irin wannan: takardarta ta ce mutum biyar ne a ƙarƙashinta, saƙon godiyarta ya ce takwas. Wataƙila tana da bayani, ba wanda ya kira ta ya tambaya. Ga mai neman aikin ƙirga kuwa, adadi biyu masu saɓani a takardu biyu ya fi kowane kuskure muni. Haka nan kada ki ƙirƙiro sabuwar hujja da ba ta cikin takardar kuma ba ta fito a intabiyu ba. Idan da gaske ce, za su yi mamakin me ya hana ki faɗa tun farko, idan kuma ta yi kama da ƙari, ta shafa wa sauran baƙin jini.

Saura wa za ki tura wa, kuma ta ina. Ki nemo imel ɗin da aka gayyace ki da shi, ki danna Reply a kansa. Haka saƙonki zai zauna ƙarƙashin gayyatar, da sunan aikin a kansa, ba sai an yi ta laluben wace ce wannan ba. Ki duba da kyau kafin ki danna Reply All, domin wasu ofisoshin suna tura gayyata ga duk waɗanda aka kira a dunƙule, kada ki wayi gari kin aika wa abokan takararki amsar tambayar da kika kwafsa. Tunda jami'ar kula da ma'aikata ce ta gayyace ki, ita za ki rubuta wa, ki ƙara layi ɗaya kina roƙonta ta isar wa manajan sito da akanta. Yawanci suna isarwa, domin danna maɓalli ɗaya ne. Da a ce manajan ya ba ki katinsa da hannunsa, sai ki rubuta masa nasa daban. Amma bai ba ki ba, don haka kada ki je neman lambarsa wurin wani ɗan uwa da ya san wani a kamfanin. Daga nan ne godiya take rikiɗewa ta zama abin da yayanki yake tsoro.

Ga masu karatu da aka gayyace su ta WhatsApp, wanda ya zama ruwan dare a ƙananan kamfanoni da makarantu masu zaman kansu, ba laifi a mayar da godiya ta nan, amma a rage ta zuwa rabi, hujja ɗaya kawai, a saƙo guda ba a yanka shi gutsi-gutsi ba. Ban da saƙon murya, ban da 'yan hotunan hannu na roƙo, ban da turawa ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Wanda kuma ya samu adireshin 'yan kwamiti duka, kada ya tura musu saƙo iri ɗaya sak. Suna nuna wa juna. Na taɓa samun wanda aka rubuta mini da sunan abokin aikina a sama, an manta ba a canja ba, mun yi dariya, amma ba dariyar da mai neman aiki zai so ba ce. Kowa a ɗauko abin da shi ya tambaya, a ɗaura masa hujjar da ta dace da shi: akanta a yi masa maganar daidaita lissafi, manaja a yi masa maganar kanta.

Kafin ki tura, ki tabbatar da rubutun sunan matar daga ƙasan imel ɗinta, harafi da harafi, da irin laƙabin da ta sa wa kanta. Idan ta rubuta Hajiya, ki rubuta Hajiya, idan ba ta sa komai ba kada ki ɗora mata. Kada ki liƙa wata takarda sai in sun nema. Na ga kin yi niyyar haɗawa da hoton jadawalin Excel na wurin aikinki don su gani da idonsu. Kul. Wannan bayanan kayan asibitin mutane ne, kuma wanda ya ga kin fitar da na wani zai san haka za ki fitar da nasa. Idan suna son ganin hannunki a Excel za su zaunar da ke gaban kwamfuta su gwada ki. Maganar albashi ma ba nan ne wurinta ba, ko da an taɓo ta jiya, a bari sai sun yi tayi.

Kin rubuta cewa sun ce za ku ji daga gare su cikin mako biyu. Bayan kin tura wannan, ki yi shiru har mako biyun su cika, ki ƙara kwana biyu ko uku na aiki a kai. Kada ki damu idan ba a amsa godiyar ba, yawanci ba a amsawa, musamman inda ake gudun kada a nuna wa wani ɗan takara fifiko, kuma shirun ba ya nufin komai. Idan wa'adin ya wuce, sai ki sake danna Reply a kan wannan zaren, layi biyu: kina tambayar ko an kai ga matsaya, kuma har yanzu kina son aikin. A wannan karon ba za ki sake kawo kwali 14 da 3 ba, kin riga kin faɗa sau biyu, ya isa.

Wani abu na ƙarshe da na gani a jerin tambayoyinki: jami'ar ta tambaye ki ko za ki iya zuwa ranar Asabar idan mota ta iso da kaya, kika ce sai kin yi shawara a gida. Amsa ce mai kyau, ba wanda zai ga laifinki. Idan kin yi shawarar daren jiya kuma an amince, ki ƙara jimla ɗaya kafin rufewa, ki ce kin tabbatar za ki iya zuwa ranar Asabar. Tambaya ce da suka bari a buɗe, kuma mai yiwuwa akwai alamar tambaya a gefen sunanki saboda ita. Idan kuwa ba a gama shawarar ba, kada ki taɓo ta, kuma kada ki jinkirta saƙon dominta. Ki karanta shi a bayyane sau ɗaya, ki ba yayan naki ya duba miki sunaye da adadi, ki tura kafin la'asar. Allah ya sa a dace.